Bayan Gaisuwa, Bayan Haka

Wasiƙar ofis ta Turanci ba ta gaisuwa, kuma masu karanta ta ba sa jin haushinta a kan haka. Tana buɗewa da "Dear Sir", ta ɗora kan magana a ja masa layi, ta shiga batu kai tsaye, ta rufe da "Yours faithfully" da sa hannu. Wanda ya saba da ita yana jin ladabi a cikin wannan taƙaitawa. Ba a ɓata masa lokaci ba, ba a shiga harkar gidansa ba, an tsaya nesa da shi gwargwadon yadda aiki ya tanada. Amma idan aka ɗauko wannan wasiƙa aka juya ta zuwa Hausa kalma da kalma, sai ta fito da wani fushi wanda babu shi a asalinta. A wurin Bahaushe rashin gaisuwa shi ma magana ne. Mutumin da ya tarar da kai ya fara da buƙatarsa ba tare da ya gaishe ka ba, ko dai gobara ce ta koro shi, ko yana fushi da kai, ko kuwa ya raina ka. Don haka mai fassarar da ya bar gaisuwa domin bai gan ta a Turancin ba, ya ƙara wa wasiƙar abin da marubucinta bai faɗa ba.

Wannan shi ne abin da nake so a fara yarda da shi: sa gaisuwa a fassarar Hausa ba kwalliya ba ce, riƙon amanar ma'ana ne. Wasiƙar Turancin ta tsaya a tsaka-tsaki, ba zafi ba sanyi, kuma tsaka-tsakin Hausa yana da gaisuwa a cikinsa. Sai dai nan ne wahalar take farawa. Gaisuwarmu tana da faɗi. Tana tambayar kwana da gajiya da iyali da aiki da sanyi da ruwa, tana ɗauke da addu'a, tana nuna waye babba waye ƙarami. Idan aka buɗe mata ƙofa gaba ɗaya sai ta mamaye wasiƙar, ta tausasa abin da bai kamata a tausasa ba, har mai karɓa ya kai ƙarshe bai gane abin da aka yanke a kansa ba. Tambayar mai fassara ke nan: nawa zai sa, kuma a ina zai tsaya?

Amsar ba sabuwa ba ce, domin rubutun wasiƙa a ƙasar Hausa ya girmi ofis. Sarakuna da waziran daular Sakkwato sun yi ta aika wa juna takardu da Larabci a kan haraji da yaƙi da shari'a da naɗi. Wasu daga cikin waɗanda aka samu a gidan Waziri Buhari a 1903 H. F. Backwell ya tsara fassararsu ta Turanci, aka buga a Legas a 1927. Wasiƙun wancan zamani suna da tsari sananne: daga wane zuwa wane, gaisuwa da aminci, sannan kalmar da ke raba gaisuwa da batu, sannan batun, sannan sallama. Wannan tsari ne ya gangaro cikin wasiƙun ajami da na boko, har muka gaji "bayan gaisuwa", da "bayan haka", da "haza wasalam". Abin lura a nan shi ne magabata sun ware wa gaisuwa wurinta, suka yi mata iyaka da kalmomi biyu. Gaisuwa ita ce zauren wasiƙa, inda ake tarbar baƙo a yi masa shimfiɗa, kuma "bayan haka" ita ce ƙofar da ake bi a shiga inda za a yi maganar da ta kawo mutum. Duk ɗumin da mai fassara zai ƙara, wurinsa kafin wannan ƙofa ne, sai kuma ɗan abin da ya rage a wajen rufewa. Abin da ke tsakani na marubucin asali ne, ba a ƙara masa, ba a rage masa.

Mu gwada wannan a kan wasiƙar da ta fi kowace wuya, wato ta sallama daga aiki. A ce wani kamfani yana rage ma'aikata, kuma cikin waɗanda abin ya shafa akwai direba, dattijo, wanda ya shekara takwas yana aiki a wurin, yana karanta Hausa amma ba ya karanta Turanci. Manajan da zai sa hannu bai kai shi shekaru ba. Wasiƙar Turancin tana da jimloli biyar. Ta farko tana cewa ana baƙin cikin sanar da shi cewa aikinsa zai ƙare ranar 30 ga Yuni. Ta biyu tana cewa dalili shi ne rage ma'aikata. Ta uku tana cewa wannan takarda ita ce sanarwar wata ɗaya. Ta huɗu tana umartarsa ya mayar da makullin mota da katin shaida ga ofishin mulki kafin ko a ranar. Ta biyar tana cewa za a biya shi haƙƙoƙinsa cikin mako biyu da miƙa kayan. Babu gaisuwa, babu godiya, babu zargi.

Aikin farko shi ne kiran mutumin. Kalmar "Dear" ta daɗe da rabuwa da ma'anar ƙauna a wasiƙar ofis, ta zama alamar buɗewa kawai, har wanda ake kai ƙara kotu ma da ita ake kiransa. Mai fassarar da ya bi ƙamus ya rubuta "Ya ƙaunatacce" ya mayar da takardar aiki ta soyayya. Wanda kuma ya bi kalma ta biyu, wato "Sir", ya rubuta "Yallaɓai" ko "Ranka ya daɗe" ya juya tsani, domin waɗannan kalmomi daga ƙasa suke hawa sama. Direba ne ke ce wa manaja yallaɓai, kuma idan manaja ya mayar masa da ita a takardar sallama, zai ji ta kamar gatse. "Baba" kuwa, wadda wataƙila ita manajan yake kiransa da ita a bakin mota, ta yi kusa da yawa. Tana ɗauke da alkawarin ɗa ga uba, kuma ɗa ba ya sallamar ubansa. Abin da ya dace shi ne laƙabin da mutumin yake amsawa a bainar jama'a, haɗe da cikakken sunansa: "Zuwa ga Malam Wane", ko "Alhaji Wane" idan haka aka san shi. Wannan yana nufin mai fassara ba zai iya aikin daga takarda kaɗai ba. Sai ya tambaya: namiji ne ko mace, domin Turanci yana ɓoye wannan a kalma ɗaya amma Hausa sai ta zaɓa tsakanin kai da ke, dattijo ne ko yaro, da wane laƙabi ake kiransa.

Akwai mai cewa tunda dattijo ne, a girmama shi da jam'i, a ce "ku" maimakon "kai". A baki wannan yana da kyau, kuma da yawa daga cikinmu haka muke yi wa manya. Amma a takardar da za ta zama hujja, jam'i yana kawo ruɗani. "Aikinku zai ƙare" na iya nufin shi kaɗai, na iya nufin dukan direbobi, kuma a lokacin rage ma'aikata irin wannan shubuha kan tayar da hankalin mutanen da abin bai shafa ba. Gara a bar girmamawar a laƙabi da gaisuwa, a riƙe "kai" a jikin batu, kowa ya san da wa ake.

Sai gaisuwar kanta, kuma a nan zaɓi ake yi. Gaisuwar baki tambaya ce da amsa. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ya aiki, da godiya. Ya iyali, suna lafiya. Wasiƙa ba ta jiran amsa, shi ya sa marubutanmu suka dunƙule tambayoyin suka mayar da su fata: "da fatan kana lafiya". Mai fassara sai ya dubi kowane reshe na gaisuwar ya auna shi da labarin da ke tafe. Tambayar aiki ita ce gaisuwar da ta fi dacewa da ofis a kowace rana, amma a wannan wasiƙa ita ce mafi muni, domin ba a yi wa mutum fatan jin daɗin aikin da layi na gaba zai raba shi da shi. Ambaton iyali ma yana da nauyi a nan. Zai tuna masa da bakunan da yake ciyarwa a daidai lokacin da ake gaya masa albashi zai tsaya, kuma zai sa kamfani ya yi kama da mai nuna kulawar da wasiƙar asali ba ta yi alkawarinta ba. Abin da ya rage shi ne lafiya, wadda kowa ke yi wa kowa fatanta a daɗi da wuya. "Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya" ta isa. Layi ɗaya ne, amma ya cire zargin raini.

Game da sallama irin ta addini, hukuncin yana ga sanin mutanen biyu. Idan mai aikawa da mai karɓa duk Musulmi ne kuma haka suke gaisawa, "Assalamu alaikum" ba ta da laifi a saman takarda. Amma Hausa harshen aiki ce ga mutane masu yawa da ba Musulmi ba, a Jos da Kafanchan da Yola da sauran wurare, kuma wani lokaci manajan da za a sa kalmar a bakinsa ba ya faɗinta. Idan takarda ɗaya ce za a raba wa ma'aikata da yawa, "bayan gaisuwa" ta fi, domin ta kowa ce.

Yanzu an zo "bayan haka", kuma daga nan hannun mai fassara ya kamata ya yi nauyi. Jarrabawar da ke gabansa ita ce tausayi. Yana ganin dattijo, yana jin nauyin kalmar, sai harshe ya miƙo masa hanyoyin kaucewa da yawa, domin Hausa tana da arzikin sassauta magana. Zai iya cewa "an ɗan dakatar da kai", ko "ka ɗan huta tukuna", ko "sai an neme ka". Kowace daga cikinsu tana da daɗin ji, kuma kowace ƙarya ce. Dakatarwa tana nufin akwai dawowa. "Ɗan" tana ƙanƙanta abin da ba ƙarami ba. "Tukuna" tana buɗe ƙofar da aka riga aka rufe. Mutumin da aka rubuta wa haka zai zauna gida yana jiran kira, ya ƙi neman wani aiki a watan da aka ba shi domin ya nema. Sassaucin ya cinye masa abin da sanarwar take nufin ba shi.

A ɗaya gefen kuma akwai kalmar "kora". Ita ma kuskure ce, domin kora tana tafe da laifi. Wanda aka kora, unguwa za ta tambayi abin da ya yi. Wasiƙar asali ta ce rage ma'aikata ne, kuma bambancin da ke tsakanin wanda aka kora da wanda ragi ya shafa bambanci ne na mutunci, wani lokaci har da na kuɗi. Kalmar da ta tsaya daidai ita ce "sallama", ko kuma a faɗi abin a fili: aikinka da kamfani zai ƙare ranar kaza. Dakatarwa, sallama, kora, ritaya, ajiye aiki: kalmomi biyar ne masu hukunci biyar, kuma ladabi ba ya ba mai fassara izinin musanya ɗaya da ɗaya.

Baƙin cikin da Turancin ya ambata a jimlar farko shi ma yana son lura. A can al'ada ce ta rubutu, alama ce cewa labarin ba mai daɗi ba ne. Idan aka ce "muna baƙin cikin sanar da kai", Bahaushe zai gane, domin rediyo ta saba masa da ita, sai dai ya fi jin ta a sanarwar rasuwa. Abin da mu muke faɗa wa wanda za a gaya wa abin da ba ya so shi ne "sai haƙuri". Haƙuri kalma ce mai ɗaukar kaya da yawa: ana ba da shi ga wanda aka yi wa laifi, ana ba da shi ga wanda ƙaddara ta faɗa wa, ana ba da shi ga wanda aka hana abin da ya roƙa. Wannan faɗin ne ya sa ya dace a nan, domin yana jajantawa ba tare da ya amsa laifi ba. Amma "ka yafe mana" ko "a gafarce mu" sun wuce gona da iri. Neman yafiya amsa laifi ne, kuma kamfanin bai ce ya yi laifi ba.

Haka nan sai a yi hattara da "in sha Allahu" a jimlar biyan kuɗi. Ga mai imani, babu abin da zai faru gobe sai da yardar Allah, kuma faɗin haka gaskiya ne. Sai dai kowa ya san yadda ake jin kalmar idan ta fito daga bakin mai riƙe da kuɗin wani: wani zai ji alkawari, wani zai ji jinkiri. Wasiƙar asali ta ɗaure kamfani da mako biyu. Fassarar ma ta ɗaure shi da mako biyu, ba tare da wata kalma da za a iya karantawa a matsayin mafita ba. Idan ana son ambaton Allah, akwai wurinsa a rufewa.

Dalilin wannan tsanani ba na harshe ba ne kawai. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 11, ta tsara mafi ƙarancin sanarwar da za a ba ma'aikaci kafin a ƙare aikinsa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye. Ta kuma ce sanarwar mako ɗaya ko fiye a rubuce za a yi ta. Direbanmu mai shekara takwas yana da haƙƙin wata guda, kuma wannan takarda ita ce shaidar an ba shi. Idan ta Hausar, wadda ita kaɗai ya iya karantawa, ta ce "dakatarwa" alhali ta Turancin ta ce ƙarshen aiki, an jefa ɓangarorin biyu cikin gardamar da mai fassara ne ya haifar da ita.

Ga yadda wasiƙar za ta iya fitowa:

Zuwa ga Malam Wane,

SANARWAR ƘAREWAR AIKI

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya.

Bayan haka, muna sanar da kai cewa aikinka da wannan kamfani zai ƙare ranar 30 ga Yuni. Sai haƙuri. Dalilin haka shi ne rage yawan ma'aikata da kamfani yake yi. Wannan takarda ita ce sanarwar wata ɗaya. Ana buƙatar ka mayar da makullin mota da katin shaidarka ga ofishin mulki a ranar 30 ga Yuni ko kafin ranar. Za a biya ka haƙƙoƙinka cikin mako biyu daga ranar da ka miƙa waɗannan kaya.

Muna yi maka fatan alheri.

Wassalam.

Idan aka ƙirga, abin da aka ƙara a kan asali bai wuce layi biyu ba, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. A tsakiya jimloli biyar ɗin nan suna nan yadda suke, da ranarsu da wa'adinsu. Ko umarnin mayar da makulli ba a sassauta shi zuwa "in ba damuwa" ko "idan ka sami dama" ba, domin ba zaɓi ba ne. An dai sa shi cikin sigar "ana buƙatar", wadda Hausa take amfani da ita ta ba da umarni ba tare da nuna mutum da yatsa ba, kamar yadda ake ce wa babban baƙo "a shigo" maimakon "shigo". Wannan siga ta "a" da "an" da "ana" ita ce ta fi kusa da nisantar da Turancin ofis yake yi, kuma kyauta ce da harshen ya ba mai fassara: tana riƙe umarni da ƙarfinsa, tana kuma riƙe mutuncin wanda aka umarta.

Rufewar ma tana da tarkonta. "Naka mai biyayya", wadda aka saba koya wa ɗalibai a matsayin madadin rufewar Turanci, ta dace da mai neman aiki ko mai roƙon hutu, amma manaja ba ya yi wa direbansa biyayya, kuma rubuta haka a ƙasan takardar sallama zai zama abin mamaki. "Ka huta lafiya", wadda take rufe wasiƙun zumunci da kyau, a nan tana iya zama ciwo, tunda hutun da ake magana a kai ba shi ya nema ba. Addu'a mai tsawo, irin su "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri", ta fi kyau a bakin maƙwabci mai jaje. A bakin wanda ya yanke hukuncin tana iya kama da ɗora wa ƙaddara abin da ofis ya zartar. Fatan alheri gajere da wassalam sun wadatar.

Akwai wani ƙari da zuciya take matsa wa mai fassara ya yi, wato godiya da yabo. Shekara takwas mutum yana tuƙi, a ce ko "mun gode" babu? A Hausance wannan rashi yana da zafi, kuma ina ganin mai fassarar kirki zai ji shi. Amma akwai bambanci tsakanin gaisuwa da shaida. Gaisuwa ba ta da'awar komai, shi ya sa ake iya ƙara ta. "Mun gode da aikin da ka yi bisa gaskiya da riƙon amana" kuwa shaida ce a kan halin mutum, wadda zai iya nunawa a wani wurin neman aiki ko a gaban kotun ma'aikata, kuma mai sa hannu ne kaɗai ke da ikon bayar da ita. Hanyar da ta dace ita ce mai fassara ya koma wurin manajan ya ce masa: yallaɓai, a Hausa rashin godiya a irin wannan takarda zai yi kama da akwai laifin da ba a faɗa ba, idan babu, a ƙara jimlar godiya a Turancin, ni kuma in fassara ta. Ta haka takardun biyu za su tafi tare. Ko layi biyun gaisuwar ma ya kamata a gaya wa mai sa hannu cewa an ƙara su da dalilin ƙarawar, domin sunansa ne a ƙasa.

Ta yaya za a gane an dace? Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na kunne, domin irin wannan wasiƙa sau da yawa ba a ɓoye ake karanta ta ba. Ɗa ne zai karanta wa uba, ko aboki a majalisa, wasu suna saurare. A samu wanda bai ga Turancin ba, a cire sunan mai ita, a karanta masa fassarar da murya sau ɗaya, sannan a yi masa tambayoyi huɗu. Me ya faru da mutumin? Yaushe? Me ake so ya yi? Kuma wanda ya rubuto, fushi yake yi? Idan ya amsa ta farko da "kamar dai an dakatar da shi", ɗumin ya tsallaka ƙofa ya shiga batu, sai a koma a tsaurara. Idan ya amsa ukun farko daidai amma ya ce "ai da gani ya yi musu wani abu", to gaisuwa ta gaza ko an yi amfani da kalma mai ɗauke da zargi. Fassarar da ta dace ita ce wadda mai saurare zai ce: an sallame shi ƙarshen Yuni, zai mayar da makulli, za a biya shi, kuma ba don ya yi laifi ba.

Ma'aunin yana canzawa da irin wasiƙa, amma iyakar ba ta canzawa. Takardar ƙarin girma tana ɗaukar gaisuwa mai yalwa, har da barka da fatan Allah ya taya riƙo, domin labarin da gaisuwar suna tafiya hanya ɗaya. Takardar neman ba'asi, wadda ake ba ma'aikaci wa'adi ya kare kansa, tana son gaisuwa mafi gajarta, "bayan gaisuwa" kawai, domin fara'a mai yawa za ta sa ya ɗauka wasa ne har wa'adin ya wuce. Wasiƙar da ke hawa sama, daga ofis zuwa hakimi ko sarki, tana buƙatar cikakkiyar gaisuwar sarauta da addu'ar nasara da tsawon rai, kuma barin su a can laifi ne da zai iya hana a saurari batun. A dukansu, abin da ke bayan "bayan haka" yana nan daram.

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma gaskiya ne. Amma ma'aikacin da ke riƙe da takarda yana da haƙƙi biyu a kan wanda ya fassara masa ita: a gaishe shi kamar mutum, kuma a gaya masa gaskiyar halin da yake ciki da kalmomin da ba za su yaudare shi ba. Mai fassara ba shi da ikon canza hukuncin ofis. Ikonsa shi ne ya tabbatar dattijon nan ya san ranar da albashinsa zai tsaya tun yana da wata guda na neman mafita, kuma ya iya miƙa takardar ga ɗansa ya karanta a gaban mutane ba tare da ya sunkuyar da kai ba.